Yadda Ake Goge Makirufon Bum Idan Ya Leƙo Saman Hoto

Duk editan da ya daɗe yana zaune gaban kwamfuta ya san wannan abin: jarumi ya yi magana mai ratsa jiki, hawayen jarumar ya zubo daidai lokacin da ake so, darakta ya ce wannan ɗaukar ita ce, sai kuma ka ɗaga ido ka ga wani baƙin abu mai gashi ya leƙo daga sama. Hannun mai riƙe da bum, wato doguwar sandar da ake maƙala makirufo a bakinta, shi ne ya gaji. A finafinanmu na Kano da Kaduna da Jos, inda yawancin maganganu a falo ko ɗaki mai gajeren rufi ake ɗaukarsu, abin na yawan faruwa, don sandar ba ta da wurin ɗagawa. Komawa lokeshin kuwa kuɗi ne, wani lokaci ma an riga an mayar wa masu gida da gidansu.

Kafin mu taɓa komai, ka riƙe abu ɗaya. Ba fenti za ka shafa a kan makirufon ba, ko da yake haka ake kiran aikin. Bangon da makirufon ya rufe yana nan a wani ɓangaren ɗaukar, kafin ya shigo ko bayan ya fita. Aro za ka yi daga can, ka yi faci a nan. Abubuwa uku ne ke tona asirin faci: haske, motsi, da ɗige-ɗigen nan masu kama da yashi da ke rawa a cikin kowane hoton bidiyo.

Kayan aiki

Kana buƙatar After Effects, da shi zan yi bayani. Kana buƙatar ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, ba wanda aka matse aka turo ta waya ba, kuma kafin a yi masa gyaran kala. Ka nemi sauran ɗauke-ɗauken wannan fitowar, ko da waɗanda darakta ya ƙi ne, domin sau da yawa a cikinsu bangon da kake nema yake. Sai allo mai ɗan girma da linzami mai kyau, don zana layi da yatsa a kan laftof wahala ce kawai.

Idan ba ka da After Effects, aikin da kyamara ba ta motsi a cikinsa yana yiwuwa a Premiere Pro kaɗai, zan nuna inda ya dace. DaVinci Resolve na kyauta shi ma yana yi, a shafin Fusion, da `TimeSpeed` da `Polygon` da `Merge`. Sunaye ne suka bambanta, dabarar ɗaya ce.

Misalin da za mu bi wata fitowa ce da na yi aiki a kanta: uba zaune a kujerar falo yana yi wa 'yarsa nasiha. Kyamara a kafe take bisa ƙafarta, girman hoto 1920 da 1080, firam 25 a daƙiƙa, ma'ana hotuna 25 da ke bin juna, tsawon ɗaukar daƙiƙa 9, wato firam 225. A bayansa bango ne mai ruwan madara, agogon bango a hagu, labule a dama.

1. Ka auna ɓarnar tukuna

Daga Premiere, kwafa guntun zuwa layin sama don na asali ya zauna, danna dama a kan kwafin ka zaɓi `Replace With After Effects Composition`. A can, riƙe `Ctrl` ka danna lambar lokaci don ta koma ƙidayar firam, sannan ka bi hoton da `Page Down`, firam bayan firam. Rubuta abu uku a takarda: firam ɗin da makirufon ya shigo, wanda ya fita, da iyakar zurfin da ya sauko. Ɗora linzami a kan bakinsa, akwatin `Info` zai nuna maka lambar Y, ita ce zurfin. A namu ya shigo a firam 62, ya fita a 131, ya sauko fiksel 95.

Kada ka tsaya a makirufon. Nemi inuwarsa. Fitilar da ke haska jarumi tana jefa inuwar sandar a bango, kuma inuwar kan riga makirufon shigowa, ta kuma daɗe bayan ya fita. A tamu ta fara a 59 ta ƙare a 134. Ido ba ya ganinta da sauƙi, saboda haka ka ja `Adjust Exposure` da ke ƙasan allon kallo sama da ƙasa har ta bayyana. Wannan madannin kallo kawai yake canzawa, ba ya taɓa hoton. Duba gilashin agogo, madubi, fuskar talabijin da gilashin taga ma, makirufo yana son ɓuya a cikinsu.

2. Ko akwai hanyar da ba sai an yi faci ba?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗan ƙara girman hoton ka tura shi sama har makirufon ya fita. Lissafin shi ne ka raba 1080 da abin da ya rage bayan ka cire zurfin. In fiksel 40 ne, 1080 a raba da 1040 ya ba da kusan kashi 104 cikin ɗari, wannan ba mai ganewa. Namu kuwa 1080 a raba da 985 ne, kusan kashi 110. A nan hoton zai yi laushi idan an jera shi da na kusa da shi, hular uban kuma za ta manne da saman allo. Ni dai in hoton 1080 ne ba na son wuce kashi 105. In an ɗauka a 4K za a fitar a 1080, kana da fili sosai, abin lura kawai shi ne kada ka ɓata tsarin da mai ɗaukar hoto ya yi.

Tambayi darakta ma ko za a sa baƙaƙen layukan nan na sama da ƙasa. In fim ɗin zai fita a 2.39:1, kowane layi yana cin kusan fiksel 138, makirufonmu ya shige ƙarƙashinsa ke nan. Na taɓa kwana biyu a kan faci, sai daga baya na ji za a rufe wurin. Namu shiri ne mai dogon zango da ke cika allo, don haka faci ya zama dole.

3. Nemo bango mai tsafta

A nan masu koyo da yawa ke zaɓar firam ɗaya su daskarar da shi. Yana aiki, amma in kyamara a kafe take akwai abin da ya fi shi: ka aro bidiyo mai tafiya. Dalili shi ne yashin hoton. Firam daskararre yashinsa a tsaye yake cak, na kewaye da shi kuma yana rawa, sai wurin ya zama kamar an liƙa takarda a gilashi. Bidiyo mai tafiya da yashinsa yake zuwa, irin na kyamarar, ba sai ka ƙirƙira ba.

Mu yi lissafi. Ɓarna daga 59 zuwa 134 take. Ƙara firam huɗu kowane gefe don facin ya shigo a hankali ya fita a hankali, ya zama 55 zuwa 138, firam 84 ke nan. Tsaftataccen wuri daga 135 zuwa 224 yake, firam 90. Ya isa. Zaɓi leyar, wato layin da bidiyon yake kai, ka danna `Ctrl+D`, ka sa wa kwafin na sama suna faci. Yanzu ja shi baya da firam 82: `Alt+Shift+Page Up` sau takwas, kowanne firam goma, sai `Alt+Page Up` sau biyu. Abin da ke firam 137 ya dawo kan 55, abin da ke 220 ya dawo kan 138. Je firam 55 ka danna `Alt+[`, je 138 ka danna `Alt+]` don yanke ragowar.

Kafin ka ci gaba, gwada ko kyamarar da gaske ba ta motsa ba. Mayar da `Mode` na facin zuwa `Difference`. Duk inda hotunan biyu suka yi daidai zai yi baƙi. In ka ga bakin agogo ko layin silin yana haske, wani ya taɓa ƙafar kyamara. Matsar da facin da maɓallan kibiya har layin ya ɓace, sannan ka koma `Normal`. Fiksel ɗaya ma yana nunawa a inda layi ya ratsa bakin faci.

In tsaftataccen wurin bai kai tsawon ɓarnar ba, duba wata ɗaukar ta fitowar, muddin ba a matsar da kyamara ko fitila ba. In babu, sai daskarewa: tsaya kan firam mai tsafta mafi kusa da ɓarnar, danna dama, `Time`, `Freeze Frame`. Mataki na bakwai naka ne.

A Premiere kaɗai kuwa, kwafa guntun zuwa layi na biyu, yanke shi daidai tsawon ɓarnar, yi amfani da `Slip Tool` ka zamar da cikinsa zuwa wuri mai tsafta, sannan ka zana maski, wato layin da ke kewaye wurin da kake so ya bayyana, a ƙarƙashin `Opacity`.

4. Yanke facin

Danna `G` ka ɗauki alƙalami, leyar faci a zaɓe. Don ka ga abin da kake rufewa, rage `Opacity` ɗinta zuwa rabi na ɗan lokaci. Tsaya a firam ɗin da makirufon ya fi saukowa, ka zana maski guda ɗaya da zai haɗiye duk inda makirufo da inuwarsa suka taɓa zuwa daga farko har ƙarshe. Ka fitar da saman maskin wajen hoton gaba ɗaya, in ba haka ba laushin baki zai bar siririn layin sandar a can sama.

Kada ka bi siffar makirufon kana motsa maski da shi. Bakin faci mai yawo ido yana kama shi nan take, wanda ke tsaye kuwa ba a lura da shi. Ka bar tazara: zurfi 95 ne, na kai maskina 130. Danna `F` ka sa `Mask Feather` tsakanin 20 da 30 a bango fili. Laushin yana cin ciki da waje, rabi da rabi, shi ya sa tazarar take da amfani. In ka matse maskin, makirufon zai riƙa leƙowa ta cikin laushin kamar hayaƙi.

Ka lura da inda bakin ya bi. In da layi a hoton, kamar kusurwar bango ko sandar labule, ɓoye bakin a jikinsa. Kuma ka kauce wa duk abin da ke motsi. Agogon nan ya kusa ba ni kunya: maskina na farko ya ci rabinsa, tsinken daƙiƙa na sama yana gaba da na ƙasa da daƙiƙa uku, ya rabu biyu. Labulen ma fanka tana kaɗa shi, ninkinsa a 137 ba shi ne na 55 ba. Na karkatar da maskin ya wuce tsakaninsu.

Daga nan danna `T`, mayar da `Opacity`, ka sa masa kifiram, wato alamar da ke kafa lamba a kan wani firam: sifili a 55, ɗari a 58, ɗari a 135, sifili a 138.

5. Dawo da abin da facin ya cinye

Tsakanin firam 98 da 112 uban ya gyara zama, hularsa ta tashi daga fiksel 150 zuwa 110. Ba ta taɓa makirufon ba, amma ta shiga cikin faci, sai samanta ya narke cikin bango. Maganin shi ne leya ta uku. Kwafa ainihin hoton, wanda ba a ja baya ba, ka ɗora shi a kan facin, ka yanke shi zuwa waɗannan firam ɗin, sannan ka zana maski a kan hular kaɗai. Danna `M`, kunna agogon `Mask Path`, gyara siffar a 98, a 112, sannan a 105, sannan tsakiyar kowane rabi. Kada ka bi firam ɗaya-ɗaya tun daga farko, bakin zai yi ta karkarwa. Laushi a nan kaɗan ne, fiksel 2 ko 3, ka ƙara in hular na sauri ta yi dishi-dishi.

Ka kuma duba ɓangaren da ka aro. In jarumin ya ɗaga kai ko hannu a can, za ka ga wata hular ta biyu ta bayyana a bango.

Idan makirufon ya hau kan hular ko fuskar kanta, aikin ya canza. Nan sai ka buɗe leyar da danna biyu, ka ɗauki `Clone Stamp`, ka sa `Duration` a `Single Frame`, ka yi amfani da `Source Time Shift` ka kwafo zanen hular daga firam na kusa. Firam biyar ko goma za su yiwu. In daƙiƙa biyu ne a kan fuska mai magana, gaskiya ka faɗa wa darakta a yanka zuwa fuskar 'yar tana saurare, muryar uban ta ci gaba a ƙasa. Ya fi kyau, kuma ba ya cin mako.

6. Daidaita haske

Bango ɗaya ne, amma haskensa ba ya zama ɗaya tsawon daƙiƙa tara. Janareta na ja yana saki, gajimare na wucewa ta taga, wani lokaci kyamarar ce aka bari tana gyara haske da kanta. Ɗora linzami a cikin faci, karanta lambobin R, G, B a `Info`, sannan ka ɗora a bango kusa da bakinsa ta waje. A namu, a firam 90, ciki 147 ne waje 142. Bambancin biyar a bango fili ana ganinsa kamar tabon ruwa.

Sa `Levels` a kan facin ka gyara `Gamma` kaɗan-kaɗan har lambobin su haɗu. Ka yi haka a wurare uku ko huɗu cikin tsawon facin, da kifiram, tunda bambancin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sannan ka kalli kala ɗaya-ɗaya: `Alt+1` ja, `Alt+2` kore, `Alt+3` shuɗi. Abin da ya ɓuya a cikakkiyar kala yakan fito fili a shuɗi. Ina ba da shawarar ka riƙe `Alt` ka danna `8 bpc` a akwatin `Project` ya koma `16 bpc`, don kada bangon ya yi layi-layi bayan gyaran.

7. Yashin hoto, ga wanda ya daskarar

In bidiyo mai tafiya ka aro, tsallake nan. In ka daskarar, sai ka cire mataccen yashin ka zuba mai rai. Sa `Remove Grain` a kan facin, sannan `Match Grain` a bayansa, ka zaɓi ainihin hoton a `Noise Source Layer`. Dukansu biyu suna zuwa da `Viewing Mode` a kan `Preview`, wani ɗan akwati ne kawai suke gyarawa. Mayar da su `Final Output`. Na ga wanda ya manta, akwatin ya fito a fim. Ka duba inda `Match Grain` ke ɗibar samfuri, ya zama bango fili ne, ba zanen labule ba. Ƙara girman kallo zuwa kashi 200 ka kunna: in kana iya nuna inda facin ya fara, ƙarfi ko girman yashin bai yi daidai ba tukuna. Ɗaukar dare ta fi wahala, don yashinta manya ne kuma masu kala.

8. Idan kyamara tana motsi

Aron bidiyo mai tafiya ba ya aiki a nan, tunda motsin can ba shi ne na nan ba. Daskarar da firam mai tsafta za ka yi, ka ɗaure shi ya bi bangon. Zaɓi ainihin hoton, buɗe `Tracker`, danna `Track Motion`, kunna `Position` da `Rotation`, da `Scale` in kyamarar na matsowa. Ɗora ɗigo biyun a kan abubuwa masu kaifi da ke jikin bangon da za ka yi wa faci, kamar kusurwar agogo da makunnin fitila, nesa da juna, inda makirufon ba zai bi ta kansu ba. Kada ka ɗora a kan kujera ko mutum: abin da ke kusa da kyamara ya fi na nesa gudu, facin zai riƙa zamewa. Bi gaba da baya da maɓallan `Analyze`, ƙirƙiri `Null Object`, wato leya marar hoto da za ta ɗauki motsin, zaɓe shi a `Edit Target`, danna `Apply`.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi. Lokacin da za ka ɗaura facin a jikin `Null` ta `Parent`, dole ka kasance tsaye a kan ainihin firam ɗin da ka daskarar. In ka daskarar a 58 ka ɗaura kana kan 90, facin zai bi motsin daidai amma a karkace, har ƙarshe. Bayan ɗaurawa kunna `Motion Blur` na leyar da na kwamfozishin, don facin ya yi dishi-dishi tare da bangon in kyamara ta juya da sauri.

Wata matsalar kuma: in kyamarar ta juya, tana bayyana bangon da babu shi a firam ɗinka, sai bakin facin ya shigo cikin hoto. Sai ka yi faci biyu, ɗaya daga gaban ɓarnar, ɗaya daga bayanta, su miƙa wa juna a tsakiya. In kyamarar a kafaɗa take tana zagaya ɗaki har bangon yana sauya kusurwa, ɗigo biyu ba za su iya ba, sai `Mocha AE` da ke zuwa tare da After Effects, wanda ke bin shimfiɗar bangon gaba ɗaya.

In kuwa makirufon yana nan daga farko har ƙarshe, duba ko yana yawo. Hagu na wannan firam da dama na wancan za su ba ka cikakken bango. In bai motsa ba sam, fitar da firam ɗaya ta `Save Frame As`, gina bangon da `Clone Stamp` a Photoshop sau ɗaya, ka dawo da shi a matsayin faci. Kada ka goge kowane firam da hannu, wurin zai yi ta tafasa.

9. Dubawa da fitarwa

Kalli aikin a cikakken gudu sau uku, allo cike, idonka a kan fuskar jarumi kamar ɗan kallo. Sannan ka kalla idonka a kan facin. Sannan ka bi firam biyar na shiga da biyar na fita ɗaya-ɗaya. Ɗaga `Adjust Exposure` sosai ka sake kunnawa, domin mai gyaran kala zai ƙara wa hoton ƙarfi, abin da ke ɓoye yau zai fito gobe. In da wani a kusa, kira shi ya kalla ba tare da ka gaya masa inda aikin yake ba, ka ce ya nuna maka.

Fitar da shi a ProRes 422 HQ ko DNxHR, da girma da yawan firam irin na asali, kada ka matse shi zuwa H.264 a tsakiyar aiki, yashin da ka sha wahala a kansa zai dunƙule. Ɗora sabon fayil ɗin a layin da ke saman na asali a Premiere, ka bar na asalin a ƙasa a kashe, don in darakta ya ƙara tsawon guntun gobe ka san inda za ka koma. Sautin kuma kar ka taɓa shi: lokacin da makirufon ya sauko ne muryar uban ta fi fita tas.

In kana da baki a lokeshin, roƙi abu ɗaya: bayan kowace fitowa, kafin a matsar da kyamara ko a kashe fitila, jarumai da mai bum su fita, a ɗauki ɗakin haka nan na daƙiƙa goma. Da wannan a hannu, mataki na uku ba ya wuce minti biyu.